Garwashi a Rufaffen Shago: Abin da Sanarwar 'Yan Kasuwa Ke Gargaɗi a Kai

Idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa kan fitar da sanarwa ga masu shaguna da yaransu. Wani wuri takarda ce ake liƙawa a ƙofar shiga ko a bangon ofishin ƙungiya, wani wuri da lasifika ake zagayawa layi-layi, wani wurin kuma bayan an sallame sallar La'asar a masallacin kasuwa ake miƙewa a faɗa. Saƙon dai ɗaya ne: kada kowa ya kwana a shago da kurfoti ko kaskon wuta a ciki, ƙofa a rufe, kuma duk wanda ya hura gawayi ya fitar da shi waje ya kashe kafin ya kulle.

Mafi yawan waɗanda suka ji wannan sanarwa gobara ce ke fara zuwa musu a rai, kuma ba su yi laifi ba. 'Yan kasuwar Kano ba su manta da wutar da ta cinye Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba, haka mutanen Maiduguri da ta Kasuwar Monday a Fabrairun 2023. Amma gobara rabin zancen ce kawai. Ɗaya rabin, wanda sanarwar ba ta cika samun filin bayyanawa ba, shi ne garwashi na iya kashe mutum ba tare da ya ƙona ko zare ɗaya na kayan shagon ba. Da safe a ɓalle ƙofa a tarar da komai a inda aka bar shi, atamfofi a jere, buhuna a tsaye, kurfoti ya zama toka mai sanyi, mai shago ko yaronsa kuwa yana kwance a lulluɓe kamar mai barci, rai ya yi halinsa.

Abin da ke yin wannan aika-aika wata iska ce da masana ke kira kabon monoksaid. Gawayi kusan dukkansa sinadarin kabon ne. Idan ya sami wadatacciyar iska yana ci, kabon ɗin kan haɗu da oksijin ya zama kabon dayoksaid, irin iskar da mutum ke fitarwa idan ya yi numfashi, wadda ba ta da wani haɗari sai ta taru da yawa ƙwarai. Idan kuwa iskar ba ta wadata ba, ƙonewar kan tsaya a rabin hanya, sai a sami kabon monoksaid. A tulin garwashi kullum akwai wurin da iska ba ta kaiwa sosai, wato can cikin tsakiya da ƙarƙashin toka. Itace shi ma yana fitar da wannan iska, sai dai harshen wutarsa kan cinye kaso mai yawa kafin ta bazu, hayaƙinsa kuma kan sa mutum tari da hawaye har ya tashi ya buɗe ƙofa. Garwashi ba shi da harshen da zai cinye ta, ba shi kuma da hayaƙin da zai kori kowa.

Nan ne kuskuren da ya fi kowane yawa yake. Mai hura kurfoti kan ajiye shi a bakin ƙofa yana fifita, a ce masa, “Bari hayaƙin ya gama fita tukuna sannan ka shigo da shi.” Da hayaƙi ya ɗauke, gawayi ya yi jawur, sai a ɗauka sharrinsa ya wuce. Alhali hayaƙin farko ragowar danshi ne da maiƙon itacen da bai gama ƙonewa a ramin masu gawayi ba. Lokacin da garwashi ya yi ja ya natsu, a lokacin ne yake fitar da gubar ba ƙaƙƙautawa. Wasu kuma kan yayyafa toka a kai don wutar ta kai asuba. Wannan dabara tana sa garwashi daɗewa da gaske, amma tana yin haka ne ta hanyar rage masa iska, wato ainihin abin da ke ƙara yawan gubar.

Kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari ko yaji a ido. Nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar da ake shaƙa, don haka takan gauraye da ita ta cika ɗaki sama da ƙasa. Wanda ya kwanta a kan benci da wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙasa duk abu ɗaya suke shaƙa, haka wanda ya matsa can ƙarshen shago yana ganin ya yi nesa da wuta. Kalmar “kusa da murhu” da ake sakawa a wasu sanarwoyi tana iya ruɗar mutum a nan. A ɗakin da yake rufe, ko'ina kusa ne.

Yadda take illa a jiki kuwa ta hanyar jini ne. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda aikinsa shi ne ɗauko oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Ana iya kwatanta shi da motar haya mai ƙididdigaggun kujeru: oksijin fasinja ne da ke hawa a huhu ya sauka inda ake buƙatarsa, kabon monoksaid kuwa ta hau ta zauna ta ƙi sauka. Ƙarfin riƙonta ga himogulobin ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Saboda haka ko 'yar kaɗan ce a cikin iska, da kowane numfashi tana ƙara mamaye jinin, kuma oksijin ɗin da ya rage ma jinin kan riƙe shi ya ƙi sakin sa ga gaɓoɓi yadda ya saba. Mutum yana numfashi lafiya lau, ƙirjinsa na hawa yana sauka, amma ƙwaƙwalwarsa na cikin yunwar iska.

Ana auna yawan wannan iska da kashi cikin miliyan, abin da na'urorin awo ke rubutawa da ppm. Alƙaluman da ma'aikatan lafiya da na kashe gobara ke aiki da su sun nuna cewa a kashi 200 cikin miliyan, mutum kan fara ciwon kai bayan awa biyu zuwa uku. A kashi 400, ciwon kan yakan zo cikin awa ɗaya ko biyu, kuma rai na cikin haɗari idan aka haura awa uku. A kashi 800, jiri da tashin zuciya kan zo kafin awa ɗaya ta cika, mutuwa kuma cikin awa biyu zuwa uku. Idan ta kai 3,200, rabin awa ta isa. Duk waɗannan adadi ba su kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na iskar ɗaki ba.

Don a ga yadda abin yake a zahiri, a ɗauki shago irin wanda aka saba gani a layukan kasuwa, mai faɗin mita uku, tsawon mita uku, bisa mita uku. Iskar da ke ciki kubik mita 27 ke nan, idan babu kaya. A ce yara biyu ne ke kwana a ciki suna gadin kayan ubangidansu. Sanyi ya matsa, iska na kaɗawa, sai suka sayi gawayi ƙulli guda, kimanin rabin kilo, suka hura bayan Isha'i suka dafa shayi. Wajen ƙarfe goma suka jawo kurfotin ciki, suka sauke ƙofar ƙarfe, suka cusa tsumma da kwali a ƙasanta saboda iskar da ke shigowa tana dukan ƙafa.

A ƙiyasin masu auna hayaƙin murhu, kilo ɗaya na gawayi kan fitar da wajen giram 200 na kabon monoksaid, wani lokaci fiye, gwargwadon irin gawayin da irin murhun. Rabin kilo ke nan zai ba da kimanin giram 100. Idan aka baza giram 100 a cikin kubik mita 27, ba tare da komai ya fita ba, za a sami sama da kashi 3,000 cikin miliyan. Gaskiya ne babu shagon da yake rufe ruf, domin iska na zirarewa ta gefen kwano da ramin kwado. To a ɗauka ma kashi uku cikin huɗu na gubar ya zirare waje. Abin da ya rage ya kai kashi 800, wanda ke kisa cikin awa biyu zuwa uku, su kuwa yaran barcin awa bakwai ne a gabansu kafin kiran sallar Asuba. Sannan lissafin nan na shagon da babu kaya ne. Inda diloli da katan-katan suka cinye rabin ɗakin, iskar da ta rage rabi ce, gubar kuma ta ninka.

Wani abin lura a cikin wannan lissafi shi ne oksijin ɗin shagon bai ƙare ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, kuma rabin kilon gawayi ba zai rage shi ba sai zuwa wajen kashi 17 ko 18, wanda shi kaɗai ba ya kisa. Shi ya sa gwajin da wasu ke yi, na cewa ai ga wutar tana ci ko ga fitila ba ta mutu ba don haka akwai iska, ba ya nuna komai. Garwashi zai ci gaba da haskawa bayan mutanen da ke gefensa sun daɗe da suma.

Mai ido biyu yana da 'yar dama. Zai ji kansa na sarawa, musamman ta goshi, ya ji jiri da kasala da tashin zuciya, wataƙila ya fita shan iska ya tsira bai ma san daga me ya tsira ba. Mai barci ba shi da wannan damar, domin alamomin farko duk a cikin barci suke wuce shi, kuma gubar kanta tana ƙara nauyin barcin. Waɗanda suka farka a tsakiyar abin sukan tarar da hankalinsu ya dagule, ƙafafu sun mutu, hannu ba ya iya ɗaga sakata. Wannan ne dalilin da ya sa akan sami wasu a yashe dab da ƙofa. Ƙofar ƙarfe mai nauyi da ake turawa sama, ko kwado biyu da aka datse ta ciki saboda ɓarayi, aiki ne da ya fi ƙarfin wanda jininsa ya cika da wannan iska. Mafi muni shi ne inda ubangida ke kulle yaro ta waje ya tafi da makulli gida. Wannan ɗabi'a ba ta da wani uzuri, ko da gawayi ko babu.

Shagunan kwantena sun fi kowane haɗari. An ƙera kwantena ne don kada ruwan teku ya shiga, ƙofofinta na da roba a gefe, kuma ƙarfenta kan yi sanyi ƙwarai da dare, abin da ke ƙara jan mai kwana ciki ga neman wuta. Ƙananan ramukan iskar da ke jikinta ba a yi su don numfashin mutum da murhu ba.

Sau da yawa ba a gane abin da ya faru. Idan aka tarar da mutum biyu ko uku a sume, ga amai a gefensu, zargi kan tafi ga abincin da suka ci da dare, ko a ce an sa musu guba, ko a danganta abin da iskokai. Wanda ya tashi da ciwon kai da ciwon jiki kuma sai ya nufi kemis ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, da dare ya sake hura wutarsa. Akwai alamomin da ke bambancewa. Gubar gawayi ba ta zuwa da zafin jiki. Takan kama duk waɗanda suka kwana a ɗaki ɗaya lokaci guda, har da kyanwa ko kaza idan akwai. Ciwon kan yakan lafa bayan an fito an yini a waje, ya dawo washegari da safe. Duk yaron shagon da ke tashi da ciwon kai kullum a lokacin sanyi, ya warware kafin azahar, abin da ya kamata a fara tambayarsa shi ne da me yake jin ɗumi da dare.

Akwai dabarun da ake yi da nufin kariya waɗanda ba sa kare komai. Ajiye kwanon ruwa kusa da kurfoti na ɗaya daga ciki, domin wannan iska ba ta narkewa a ruwa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Barbaɗa gishiri ko turaren wuta a kan garwashi ƙamshi kawai yake canzawa. Takunkumin hanci na kyalle ko na asibiti ƙura yake tarewa. Barin 'yar kafa a taga kuma ya fi rufewa gaba ɗaya, amma ba abin dogaro ba ne, tunda yawan iskar da za ta shiga ya danganta da ko ana iska a daren, kuma wanda sanyi ya dama cikin dare shi ne zai tashi ya toshe kafar. Saboda haka sanarwar ta yi daidai da ta hana abin ɗungurungum maimakon ta ce a rage wuta ko a buɗe taga.

Idan aka ƙwanƙwasa shago da safe ba a amsa ba, kuma an san akwai mutum ciki, ba a jiran mai makulli. A ɓalle ƙofar, a wangale ta. Wanda zai shiga ya ja numfashi a waje, ya shiga ya jawo mutumin ya fito da shi fili, kada ya tsaya a ciki yana jijjiga shi ko yana yayyafa masa ruwa, kuma a sami wani a bakin ƙofa yana lura da shi. Idan mutumin yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a kwantar da shi ta gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi. Idan numfashi ya tsaya, wanda ya iya danna ƙirji ya fara nan take. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa. Gubar a jini take, babu abin da ke cikin ciki da za a wanke, kuma ɗura wa sumamme abu na iya tura shi cikin huhu ya ƙarasa shi.

Maganin shi ne oksijin, kuma a asibiti yake. Idan aka bar mutum yana shaƙar iskar waje kawai, sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ya bar jininsa. Da tsantsar oksijin ta abin rufe hanci da baki, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa a kai wannan matsayi. Kowace awa da aka rage, ƙwaƙwalwa da zuciya aka ceta. Don haka a nufi asibitin da aka san yana da tukunyar oksijin, kuma wanda ya raka marar lafiya ya faɗa wa ma'aikata tun daga bakin ƙofa cewa da gawayi aka kwana a rufaffen ɗaki. Wannan bayani yana da nauyi, saboda 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da gubar. Tana iya nuna 98 ga mutumin da ke bakin mutuwa.

Wanda ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi shi ma a kai shi. Wasu daga cikin waɗanda suka suma kan warware sarai, sai bayan kwanaki ko makonni, har zuwa wajen kwana 40, a ga sun fara mantuwa, ko tafiyarsu ta canza, ko halinsu ya juya. Ɗan kasuwar da ya iya lissafi da ka ya koma ba ya iya mayar da canji, iyalinsa kuma ba za su haɗa wannan da daren gawayi ba sai in an faɗa musu tun farko. Mace mai ciki tana buƙatar kulawa ta musamman ko da ita ba ta ji komai ba, domin jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe gubar, kuma ya fi jinkirin sakin ta. Tsofaffi da masu ciwon zuciya da masu ƙarancin jini, har da masu sikila, su ma adadin da lafiyayye zai jure yana iya kayar da su.

Duk abin da aka faɗa game da kurfoti ya hau kan janareta, har ma ya fi. Ƙaramin janaretan da ake shigarwa shago da dare don tsoron sata, a bar shi yana aiki ana cajin waya ko ana kallo, yana cika ɗaki da wannan iska cikin mintuna. Ajiye shi a baranda ko a lungun da ke tsakanin shaguna, bakin salansa na kallon ƙofa, bai raba mutum da haɗarin ba.

Rauni ɗaya da irin wannan sanarwa ke da shi shi ne takan yi magana da wanda ba shi da zaɓi. Mai shago a gidansa yake kwana. Wanda ke kwana a kan siminti cikin sanyin Janairu, lokacin da awon zafi a Kano kan sauka zuwa wajen digiri 12 ko 13 kafin asuba, a Jos kuma ƙasa da haka, yaron shago ne, ko maigadi, ko ɗan dako, ko baƙon da ya kawo kaya daga nesa dare ya yi masa. Da yawansu ba za su karanta takardar da aka liƙa da boko ba, balle wadda aka rubuta da Turanci. An hana shi wuta, ba a ba shi abin da zai maye gurbinta ba, sanyi kuma ba ya jin sanarwa. Muddin haka abin yake, zai jira masu sintiri su wuce ya jawo kurfotinsa ciki.

Abin da ke maye gurbin wutar ba mai tsada ba ne. Yawancin sanyin da mai kwana a shago ke ji daga ƙasa yake tasowa, don haka katako ko kwali mai kauri a ƙarƙashin katifa ko tabarma yana rage shi sosai. Sai bargo mai nauyi, da rigar sanyi, da hula da safa. Wanda yake son ɗumin wuta ya ji shi a waje, ya tafasa ruwa ya zuba a jarka mai murfi ya naɗe da tsumma ya shiga da ita cikin bargo, garwashin kuma ya kashe shi da ruwa a waje ya bar shi can. Rufe shi da toka ko kifa masa kwano ba kashewa ba ne. Akwai kuma 'yar na'ura mai aiki da batir da ke yin ƙara idan kabon monoksaid ta taru, wadda ta bambanta da mai gano hayaƙin gobara. Tana da amfani a ɗakin masu gadi da duk inda janareta ke kusa, amma samunta ba lasisin kwana da gawayi ba ne.

Ƙungiyar da ke son sanarwarta ta yi aiki sai ta ɗora nauyin inda ya dace. A karanta ta da baki, da Hausa da sauran harsunan da ake ji a kasuwar, a faɗi dalili a fili cewa garwashin da ba ya hayaƙi shi ne mai kisa, domin wanda aka ce wa gobara ake tsoro zai ga ya isa ya matsar da kaya nesa da wuta ya kwanta. Masu sintirin dare su riƙa duba shagunan da aka san ana kwana ciki, su tabbatar kurfoti yana waje a kashe. A haramta kulle mutum ta waje. Tara kuma, in za a ci, a ci mai shagon da ya bar yaronsa ba bargo, tunda shi ne ya sa shi kwana a wurin, kuma kuɗin bargo bai fi ƙarfin wanda ke da kayan da sai an yi musu gadi ba.